In, on ko at: yadda ake zaɓar wadda ta dace da lokaci a Turanci

Mai jin Hausa yana cewa da ƙarfe tara, da safe, da dare, da damina, duk da kalma ɗaya, kuma babu wanda zai ce ya yi kuskure. Idan ya zo Turanci sai wannan "da" ta rabe masa: *at nine o'clock*, *in the morning*, *at night*, *in the rainy season*. Daga nan ake gane cewa fassara daga Hausa ba za ta nuna wa mutum wadda zai ɗauka ba, domin Hausa ba ta raba lokaci a inda Turanci ya raba shi. Sai dai a koyi yadda Turanci yake kallon lokacin.

Abin da aka fi koyarwa a aji shi ne awon girma. Ana cewa *in* ta dogon lokaci ce, *on* ta matsakaici, *at* kuwa ta ɗan ƙanƙanin lokaci. Wannan ƙa'ida tana da amfani, kuma za ta fitar da ɗalibi a mafi yawan tambayoyi. Amma ba a daɗewa take gazawa. Safiya ba ta kai yini guda ba, duk da haka ana cewa *in the morning*, alhali yini cikakke yana ɗaukar *on*. Dare sa'o'i ne masu yawa, amma *at night* ake cewa. Ƙarshen mako kwana biyu ne, kuma mutanen Birtaniya suna cewa *at the weekend*. Wanda ya riƙe awon girma kaɗai, duk waɗannan sai ya haddace su a matsayin keɓantattu, kuma keɓantattun za su yi ta ƙaruwa har ya gaji.

A ganina tambayar da ta fi taimako ita ce: yaya mai magana yake kallon wannan lokacin? Kalmomin uku tun asali na wuri ne. *At the door* na nufin a bakin ƙofa, wato wani gurbi da ake nunawa ba tare da an damu da faɗinsa ba. *On the table* na nufin a kan tebur. *In the box* na nufin a cikin akwati, abin da yake da iyaka ta kowane gefe kuma ana iya shiga cikinsa. Turanci ya ɗauki wannan kallo na wuri ya ɗora wa lokaci. Idan ana nuna lokaci kamar ɗigo, sai *at*. Idan ana kallonsa a matsayin tsawo mai farko da ƙarshe, abin kuma ya faru wani wuri a tsakani, sai *in*. Ita kuwa *on* an keɓe ta ga rana, wato ranar da take da suna ko kwanan wata.

*At* ce mafi sauƙin kamawa. Duk abin da agogo yake nunawa nata ne: *at 6:30*, *at noon*, *at midnight*. Haka lokutan da ake ganewa da wani abu da ya faru, kamar *at sunrise* da *at sunset*, fitowar rana da faɗuwarta, da *at dawn*, da asuba. Lokacin cin abinci ma haka, *at lunchtime*. Cin abincin rana yana iya ɗaukar rabin sa'a ko fiye, amma wanda ya ce *I'll call you at lunchtime* ba ya tunanin tsawonsa, alama kawai ya sa a cikin yini. Wannan dalili ne ya sa ake cewa *at the moment*, a halin yanzu, da *at the same time*, a lokaci guda, da *at the age of ten*, yana ɗan shekara 10. Shekara guda ce cur mutum yake yi yana ɗan shekara 10, amma ana kallonta kamar matakala ɗaya a jerin shekarunsa.

*In* tana tafiya da wata, shekara, yanayin shekara, shekaru goma da ƙarni: *in March*, *in 1945*, *in winter*, *in the 1990s*, *in the twentieth century*. Abin lura shi ne *in* ba ta faɗin daidai inda abin ya faɗo. Idan aka ce *The war ended in 1945*, an sanar da kai cewa ƙarshen yaƙin yana cikin wannan shekara, amma ba a ce maka farkonta ko ƙarshenta ba. Sassan yini ma haka suke. *In the morning*, *in the afternoon* da *in the evening* kowanne tsawo ne na sa'o'i, kuma mai cewa *I'll come in the afternoon* ya bar wa kansa sarari, zai iya zuwa ƙarfe biyu, zai iya zuwa ƙarfe huɗu. Ka ga ashe gajartar la'asar ba ta hana ta ɗaukar *in* ba, tunda ana kallonta a matsayin abin da yake da ciki.

*On* ce ta fi bukatar a tsaya a kanta, domin a nan kuskure ya fi yawa. Ana amfani da ita ga ranakun mako, *on Monday*, da kwanan wata, *on 5 May*, da duk ranar da aka ware da suna, *on my birthday*, *on New Year's Day*, *on the last day of term*. A nan Hausa tana ba da taimako sosai. Idan za ka ce "ranar kaza" a Hausa, ranar Litinin, ranar 5 ga Mayu, ranar haihuwata, to kusan kullum *on* ce a Turanci. Sai dai a kiyaye, "ranar kaza" daban, "da rana" daban. Da rana sashe ne na yini, don haka *in the afternoon* ko *in the daytime* ake cewa.

Ga ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace tsada a wannan babi: da zarar an ambaci takamaimiyar rana, *on* ce take rinjaye. Ana cewa *in the morning*, amma *on Monday morning*. Ana cewa *at night*, amma *on Friday night*. Ana cewa *in May*, amma *on 5 May*. Safiyar ba ta canza tsawo ba, abin da ya canza shi ne yanzu an ɗaure ta da rana guda sananniya. Ko ba a ambaci sunan ranar ba, idan an siffanta safiyar ta yadda ta zama wata safiya guda, *on* za a sa: *on a cold morning*, *on the evening of the wedding*. Ɗalibai da yawa suna rubuta *in Monday morning* saboda kunnensu ya saba da *in the morning*, wasu kuma su rubuta *in 5 May* saboda idonsu ya faɗa kan sunan wata. Hanyar kama wannan kuskure ita ce a duba ko akwai sunan rana ko lambar kwanan wata a cikin jimlar lokacin. Idan akwai, *in* ba ta da gurbi a gabansa.

Bari mu ɗauki abu guda da ya faru, mu yi ta matso da shi, mu ga yadda kalmomin suke sauyawa. Kumbon *Apollo 11* ya kai mutane na farko duniyar wata a shekarar 1969. Idan daga nesa ake magana, sai a ce *People first landed on the Moon in the twentieth century*, ko *in the 1960s*, ko *in 1969*. An matso kusa an ambaci wata, har yanzu *in* ce: *in July 1969*. Wata da shekara sun haɗu, amma babu rana, don haka ba abin da ya canza. Da an ƙara lamba ɗaya sai komai ya juya: *on 20 July 1969*. Ranar Lahadi ce, saboda haka *on Sunday, 20 July*. Saukar ta kasance da ƙarfe 4:17 na yamma a agogon gabashin Amurka. Mai son ambaton sashen yini zai ce *on the afternoon of 20 July*, tunda la'asar ɗin ta wata rana ce sananniya. Mai son faɗin agogo kuwa zai ce *at 4:17 p.m.*

Idan aka haɗa su a jimla ɗaya, kowane yanki yana riƙe tasa kalmar: *The lunar module landed at 4:17 p.m. on 20 July 1969.* A lura da cewa ba a sa *in* gaban 1969 a nan ba. Shekarar ta zama ɓangare na kwanan wata, kuma *on* ɗaya ta ɗauke su duka. Rubuta *on 20 in July in 1969* kuskure ne da ake gani wurin masu ƙwazo, waɗanda suka koyi ƙa'idojin uku suna son su sa kowace a lokaci guda. Haka kuma a *at 4:17 in the afternoon*, agogo ya ɗauki *at*, sashen yini ya ɗauki *in*, domin yankuna biyu ne a jere kuma ba a ɗaure la'asar ɗin da sunan rana ba.

Akwai wani abu a wannan labari da yake nuna iyakar ƙa'idar da na yaba a sama. Ɗan sama jannati Neil Armstrong ya taka ƙasar wata sa'o'i shida da wani abu bayan saukar, da ƙarfe 10:56 na dare a gabashin Amurka. Ba'amurke zai rubuta *on the night of 20 July*. A lokacin kuwa a Landan gari ya riga ya shiga 21 ga Yuli, tsakar dare ya wuce, don haka marubucin Birtaniya zai ce *in the early hours of 21 July*. Ga kwanan wata a fili, amma *in* ce ta zo. Dalili shi ne *the early hours* tarin sa'o'i ne, jam'i, kuma Turanci yana kallonsu a matsayin tsawo da ake shiga ciki. Makamancin haka ake ji a *late in the evening of 20 July* ko *in the late afternoon of that day*, inda *early* ko *late* suke jawo hankali zuwa cikin sashen yinin. Waɗannan ba su da yawa, kuma mai koyo da ya tsaya kan *on the evening of* ba zai yi kuskure ba.

Sai batun dare, wanda kusan kowane ɗalibi yake tambaya a kai. Me ya sa safiya da yamma suka ɗauki *in*, dare ya ɗauki *at*? Bayanin da aka saba bayarwa shi ne dare lokacin barci ne, ba a cika bin sa'o'insa ɗaya bayan ɗaya ba, sai aka dunƙule shi ya zama abu guda. Bayanin yana taimaka wa tunawa, amma gaskiya akwai hannun sabo a ciki, harshe ya daɗe a haka kuma ya zauna. Abin da ya fi amfani shi ne a san cewa *in the night* ma daidai ce, ma'anarta ce daban. *At night* tana magana a kan dare gaba ɗaya, kowane dare: *He works at night*, da dare yake aiki. *In the night* tana nufin wani lokaci a cikin wani dare guda: *I woke up twice in the night*, na farka sau biyu cikin dare. A jimla ta biyu mai magana ya buɗe daren ya leƙa cikinsa, shi ya sa *in* ta dawo. A lura kuma *at night* ba ta ɗaukar *the*, ba a cewa *at the night*.

Bukukuwa masu ɗaukar kwanaki suna bin hanyar da dare ya bi. *At Christmas* na nufin lokacin Kirsimeti baki ɗaya, da kwanakin da suke kewaye da shi, an dunƙule su a matsayin alama ɗaya a cikin shekara. *On Christmas Day* kuwa ranar 25 ga Disamba ce kaɗai. Idan wani ya ce zai ziyarce ka *at Christmas*, bai yi maka alkawarin ranar ba. Ƙarshen mako ne aka samu saɓani a kansa tsakanin masu harshen kansu. A Birtaniya *at the weekend* ake cewa, a Amurka *on the weekend*. Na farko sun kalle shi kamar biki dunƙulalle, na biyu sun kalle shi a matsayin ranaku. Dukansu daidai ne, shawarata dai mutum ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai a cikin rubutu guda. *In the weekend* ce ya kamata a guje wa a jarrabawa da rubutun aiki, domin ba ita ce karɓaɓɓiya a Turancin Birtaniya ko na Amurka ba.

Wurin da zaɓi ya fi nauyi shi ne inda kalmomin biyu duk suke daidai a nahawu amma ma'ana ta bambanta, domin a nan babu wanda zai gyara maka, za a dai fahimce ka a karkace. *On time* da *in time* su ne babban misali. *On time* na nufin a kan lokacin da aka tsara, ba a makara ba. Jirgin da aka ce zai tashi ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe takwas, to *The train left on time*. *In time* na nufin kafin lokaci ya ƙure, tun da sauran dama. Ka isa tasha ƙarfe takwas saura minti biyar, ka samu jirgin: *I arrived in time to catch the train*. Har ma kana iya makara bisa jadawali amma ka isa *in time*. Misali ka iso ƙarfe takwas da minti goma, jirgin kuma ya yi jinkiri bai tashi ba. Ba ka zo *on time* ba, amma ka zo *in time*. Saboda haka ne ake iya cewa *just in time*, da ƙyar aka tsira, kuma likita yana cewa an kawo mara lafiya *in time* ko da yake babu wani jadawali da aka sa wa zuwansa. Idan akwai ƙayyadadden lokaci da aka yi alkawari, *on time*. Idan akwai abin da zai kuɓuce in an yi jinkiri, *in time*.

*At the end* da *in the end* ma haka. *At the end* tana nuna ƙarshen wani abu takamaimai, kuma yawanci *of* tana biye da ita: *at the end of the month*, *at the end of the lesson*. Ƙarshen wata ɗigo ne a bakin watan. *In the end* kuwa ma'anarta daga ƙarshe, bayan an yi ta kai da kawo: *We argued for hours, but in the end we agreed.* Ba ta ɗaukar *of*, don haka *in the end of the month* kuskure ne. Tsakiya kuma *in* take ɗauka, *in the middle of the month*, tunda tsakiyar abu a cikinsa take, alhali farko da ƙarshe bakinsa ne: *at the beginning of the month*.

*In* tana da wani aiki da ba na nuna wata ko shekara ba, shi ne awon tazara. *I'll be back in ten minutes* na nufin nan da minti goma zan dawo, ana ƙirgawa daga yanzu. Mai tunani da Hausa yakan ce *after ten minutes*, saboda bakinsa ya saba da "bayan minti goma". Za a gane shi, amma idan daga yanzu ake ƙirge zuwa gaba, *in* ce ta dace. *After ten minutes* ta fi zama a labarin abin da ya wuce: *After ten minutes he gave up.* Wata ma'anar kuma ita ce tsawon lokacin da aiki ya ci kafin ya kammala. Tafiyar *Apollo 11* ta fara ranar 16 ga Yuli ta ƙare ranar 24, don haka *They went to the Moon and back in eight days*. Wannan ta bambanta da *for eight days*, wadda take faɗin daɗewar abu ba tare da nuna an cimma wani ƙarshe ba. Ana cewa *She read the book in two days* idan ta gama littafin, *She read for two hours* idan tsawon karatun kawai ake faɗi.

Akwai kuma wuraren da amsar ita ce kada a sa ko ɗaya daga cikin ukun. Idan *this*, *next*, *last* ko *every* ta zo gaban kalmar lokaci, ita ta riga ta yi aikin nuna wurin: *next Monday*, *last year*, *this evening*, *every morning*. Haka *today*, *tomorrow* da *yesterday*, har da *tomorrow morning* da *yesterday afternoon*. *On next Monday* da *in last year* kurakurai ne da suke fitowa daga bin ƙa'ida fiye da kima, an ga Litinin an sa *on*, an ga shekara an sa *in*. Amma idan *the last* tana nufin na ƙarshe a jeri, kalmar tana dawowa: *on the last Monday of the month*, Litinin ɗin ƙarshe a watan. Amurkawa kuma sukan jefar da *on* gaban ranakun mako, musamman a magana da rubutun jarida, su ce *See you Monday*. Wannan karɓaɓɓe ne a wurinsu, sai dai a takardar aiki ko ta jarrabawa sa *on* ɗin ya fi kwanciyar hankali.

A ce yanzu kana rubuta saƙon gayyatar taro, za a yi shi ƙarfe tara na safiyar Litinin mai zuwa, kuma kana son a aiko da rahoto kafin a zauna. Ka fara da ranar. Idan ka rubuta *next Monday*, babu kalma a gabanta. Idan ka fi son kwanan wata, ka ce *on Monday, 14 July*. Sai agogo, *at 9 a.m.* Idan ka zaɓi *in the morning* maimakon *a.m.*, ka manna ta da agogon: *at nine in the morning*. Idan kuwa da ranar ka haɗa safiyar, ta koma *at nine on Monday morning*. Roƙon kada a makara shi ne *Please be on time*, domin akwai lokacin da aka tsayar. Rahoton kuma ba a sa masa sa'a ba, ana dai son ya iso tun yana da amfani, saboda haka *Please send the report in time for the meeting*.